Dalilin tsayawar manhajar kwaso farashi

Ranka ya daɗe Malam Sani,

Barka da asuba. Manhajarmu ta kwaso farashin kayan kasuwar Kejetia ta daina kawo komai tun daren Talata, saboda masu shafin sun sake masa fasali. Da muna kamo farashi ta `div.price`, yanzu wannan sunan babu shi. Babbar matsalar ma, farashin ba ya cikin HTML ɗin farko, sai JavaScript ya loda shi daga baya, shi kuwa `requests` ba ya gudanar da JavaScript. Shi ya sa BeautifulSoup ke dawowa hannu rabbana.

Laifina a nan: ban sa gargaɗi idan sakamako ya zo fanko ba, har kwana 2 suka wuce ban lura ba.

Ina gwada Playwright, zan turo gyaran gobe kafin Azahar in sha Allah.

Na gode,
Rabi'u
Ofishin Kumasi