Babi na Biyu: Bitar Ayyukan da Suka Gabata kan Yawan Ɗalibai a Aji da Iya Karatun Yaran Firamare

2.1 Shimfiɗa

Wannan babi ya waiwayi binciken da aka yi kan ko yawan yara a aji yana shafar yadda suke koyon karatu. Karatu a nan ana nufin iya gane haruffa, haɗa gaɓoɓi, karanta kalma da jimla ba gargada, da fahimtar abin da aka karanta. An fi ba da ƙarfi ga aji ɗaya zuwa uku, domin 'yan aji biyu na makarantun gwamnati 24 a ƙananan hukumomin Ungogo da Bichi ne wannan bincike zai auna.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗa su. Rabon ɗalibai ga malami shi ne a raba jimillar yaran makaranta da jimillar malamanta, har da hedimasta da malamin Arabiyya da wanda ya tafi ƙaro karatu. Yawan ɗalibai a aji kuwa shi ne kawunan da ke zaune gaban malami guda a lokacin darasi. Makaranta tana iya nuna malami ɗaya ga yara 40 a takarda, alhali 'yan aji ɗaya su 95 ne a ɗaki guda. Manufar ilimi ta ƙasa a Najeriya ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma yawan ɗalibai a aji ne ya shafi yaron da ke son a saurari karatunsa.

2.2 Dalilin saɓanin masana

Glass da Smith (1979) sun tattara binciken da aka yi kafin su, suka ce rage yawan aji yana da amfani, amma amfanin ba ya fitowa sosai sai an sauko ƙasa da yara 20. Hanushek, a jerin bitar da ya yi daga shekarun 1980, ya ce babu wata alaƙa tabbatacciya tsakanin yawan aji da makin jarrabawa.

Tushen saɓanin shi ne ba a raba yara azuzuwa da ka. Makarantar da ta yi suna takan cika maƙil saboda iyaye suna rububinta, sai a ga babban aji da maki mai kyau. A wasu wuraren kuma yaran da aka bari a baya ake warewa a ƙaramin aji, sai a ga ƙaramin aji da maki maras kyau. Wanda ya kwatanta maki kawai zai iya cewa cunkoso alheri ne. Shi ya sa wannan bita ta fifita binciken da ya yi ƙuri'a wajen raba yara, ko wanda wata doka ta raba su ba da zaɓin kowa ba.

2.3 Gwajin Tennessee da abin da ya biyo baya

Gwajin STAR na jihar Tennessee a Amurka, daga 1985 zuwa 1989, shi ne har yau ake kafa hujja da shi. Yara kusan 11,600 a makarantu 79 aka raba ta hanyar ƙuri'a, su da malamansu, zuwa gida uku: ƙaramin aji mai yara 13 zuwa 17, aji na yau da kullum mai 22 zuwa 25, da aji na yau da kullum da aka ƙara wa malami mataimaki. An bi su daga ajin share fage zuwa aji uku.

Finn da Achilles (1990) sun samu cewa 'yan ƙaramin aji sun fi a karatu da lissafi. Girman ratar kamar a ce yaron da ke tsakiyar sahu, wanda ya fi yara 50 cikin 100, ya matsa ya fi kusan 58. Ratar ta fi faɗi ga yara baƙar fata da 'ya'yan talakawa. Krueger (1999) ya sake duba alƙaluman, ya nuna mafi yawan ribar a shekarar farko ta shiga ƙaramin aji ake samunta, abin da ke ƙaruwa bayan nan kaɗan ne. Wani sakamako da ba a cika ambata ba: ƙara mataimaki a babban aji bai kawo canjin a-zo-a-gani ba. Chetty da abokan aikinsa (2011) sun bi yaran har girmansu, suka ga 'yan ƙaramin aji sun ɗan fi shiga manyan makarantu.

Gwajin yana da rauninsa. Yara da dama sun bar makarantun kafin a gama, wasu an sauya musu aji bayan ƙuri'a, malamai kuma sun san ana auna su. Amma babban abin lura ga mai nazari a Kano shi ne, ajin da STAR ke kira babba bai kai ko adadin da manufarmu ke fatan a sauko gare shi ba.

California ta ɗauki darasin a 1996, ta ba makarantu kuɗi su rage ajin share fage zuwa aji uku daga wajen 30 zuwa 20. Nan take aka buƙaci sababbin malamai dubbai, aka ɗebi marasa ƙwarewa da marasa takardar koyarwa, gogaggu kuma suka bar unguwannin talakawa zuwa inda guraben suka fi daɗi. Jepsen da Rivkin (2009) sun nuna an samu riba, amma raunin sababbin malamai ya cinye wani ɓangare nata, musamman a makarantun da suka fi buƙata. Faransa ma ta rage aji ɗaya zuwa wajen yara 12 a yankunan marasa galihu daga 2017. Rahoton farko na ma'aikatar ilimi ya nuna ci gaba a Faransanci, sai dai bai kai rabin na Tennessee ba.

2.4 Binciken da ya dogara da doka

A Isra'ila, a shekarun da binciken da ke tafe ya shafa, aji ba ya wuce yara 40, bisa ƙa'idar da ake dangantawa ga malamin Yahudawa Maimonides. Makaranta mai yara 40 a shekara guda aji ɗaya za ta yi. Mai 41 sai ta raba biyu. Angrist da Lavy (1999) sun yi amfani da wannan, suka samu ƙaramin aji ya ɗaga makin karatu a aji huɗu da biyar, ba su ga haka a aji uku ba. Da Angrist, Lavy da wasu suka maimaita aikin a 2019 da alƙaluman 2002 zuwa 2011, tasirin ya ɓace. Hoxby (2000) ma ba ta ga komai ba a Connecticut. Urquiola (2006) ya ga amfani a karkarar Bolivia. Bitar Filges da abokan aikinta (2018) ta tara bincike 127 daga ƙasashe 41, goma kacal suka cancanci a haɗa lissafinsu, kuma abin da ya fito ɗan tasiri ne a karatu.

2.5 Abin da ke faruwa a cikin ajin

Blatchford da abokan aikinsa sun bi yara sama da 10,000 a Ingila, suna shiga aji suna rubuta abin da ke gudana. Sun samu tasirin ya fi ƙarfi a shekarar farko ta makaranta, kuma a karatu yaran da suka shigo da rauni ne suka fi amfana. Dalilin a bayyane yake: malami yana sauraron karatun yaro ɗaya-ɗaya sau da yawa, yana gyara kuskure nan take.

Lissafi mai sauƙi zai nuna nauyin wannan. A darasi na minti 35, a cire 10 na kiran suna, tsawatarwa da rubutu a allo, saura 25. Idan kowane yaro zai yi karatu na minti ɗaya, aji mai 15 kowa zai samu kullum har da saura. Aji mai 90 kuwa, ko da malama ba ta yi komai ba sai sauraro, yaro zai jira kusan kwana huɗu kafin layi ya zo kansa. Don haka ake komawa ga amshi: malama ta ce "ba, be, bi", aji ya ɗauka baki ɗaya. Yaron da ke can baya kan tabarma yana amsawa da ƙarfi, idonsa na kan taga. Ya haddace sautin, bai taɓa haɗa shi da harafin ba. Haka zai kai aji uku ba ya bambance b da d, balle ɓ da ɗ, kuma ba wanda ya sani.

2.6 Shaida daga azuzuwa masu cunkoso

Nan ne sakamakon ya fi ba da mamaki. Duflo, Dupas da Kremer sun yi gwaji a yammacin Kenya daga 2005, bayan soke kuɗin makaranta ya cika azuzuwa. An ba wasu makarantu ƙarin malamin kwantiragi, aji ɗaya ya sauko daga wajen yara 82 zuwa 44. Yaran da suka rage hannun malaman gwamnati ba su nuna ci gaban kirki ba duk da an raba ajin biyu, kuma an lura malaman sun rage shiga aji da suka ga an samu mai taimako. Waɗanda suka faɗa hannun malamin kwantiragi sun ci gaba. Inda aka raba yaran bisa matakin da suke, masu ƙoƙari da masu rauni duka sun amfana.

A Indiya, shirin Balsakhi a Vadodara da Mumbai yana fitar da yaran da aka bari a baya na awa biyu a rana, wata budurwa daga unguwa tana koya musu haruffa da ƙirga. Banerjee da abokan aikinsa (2007) sun ga waɗanda aka fitar sun ci gaba sosai. Waɗanda suka rage a ajin da ya ragu ba su ƙaru da komai ba.

Fassarar da ta fi dacewa ita ce, daga 82 zuwa 44 malami bai kai inda zai sauya salon koyarwa ba. Amshi ne dai, da rabin murya. Kuɗin ma abin dubawa ne. Makaranta mai yara 360 da malamai 4 tana buƙatar malamai 11 kafin ta kai 35 a aji, 24 kafin ta kai 15, kowanne da ɗakinsa.

2.7 Giɓin da wannan bincike zai cike

Gwajin karatun Hausa na EGRA da aka yi a Bauci da Sakkwato ya nuna mafi yawan 'yan aji biyu ba sa iya karanta kalma ko ɗaya a ɗan gajeren labari. Shirye-shiryen da suka biyo baya, irin su Mu Karanta! a waɗannan jihohi da RANA a Katsina da Zamfara, littattafai da horar da malamai suka sa a gaba, ba yawan aji suka gwada ba. Nazarce-nazarcen cikin gida kuma galibi takardar tambayoyi ce da ke neman ra'ayin malamai kan cunkoso, ra'ayi kuwa ba ya auna karatun yaro.

Akwai kuma matsalar rajista. Suna 110 a littafi na iya zama yara 60 ranar kasuwa ko lokacin girbi, 100 ranar da ake rabon abinci. Saboda haka wannan bincike zai ƙirga kawuna sau uku a kowane zango ba tare da sanarwa ba, ya auna haruffa da kalmomin da yaro ke karantawa daidai a minti ɗaya a farkon shekara da ƙarshenta, sannan ya rubuta mintoci nawa na darasi aka ba karatun yaro shi kaɗai, nawa aka ba amshi. Babi na uku ya fayyace yadda aka zaɓi makarantun 24.