Tsohon hedimastan Fago, Baba Malam, ya rasu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa tsohon hedimastan firamare na garin Fago, a ƙaramar hukumar Sandamu ta masarautar Daura, rasuwa da asubahin ranar Talata. Shi ne wanda manya da yara suka fi sani da Baba Malam.

Babban ɗansa ya tabbatar mana da rasuwar, ya ce marigayin ya cika ne a gidansa bayan doguwar jinyar hawan jini. Ya kuma roƙi a daina yaɗa saƙon da ke yawo a waya cewa hatsarin mota ne. An yi masa sallah da hantsi a ƙofar gidan mai gari, aka kai shi makwancinsa.

Takardar aikinsa ta nuna an haife shi a 1956, amma ƙanwarsa ta ce ya girmi haka, don lokacin da aka naɗa Sarkin Daura Muhammadu Bashar a 1966 ya riga ya isa riƙe garma. Iyalan sun amince a rubuta cewa ya haura shekara 70.

Ya fara koyarwa a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna. Babu takardar haihuwa a ƙauye a wancan zamani, sai ya sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne; in ya kai, ya shiga aji ɗaya. Iyaye da yawa ɓoye 'ya'yansu suke yi, har a rumbu. Baba Malam ba ya kai ƙara wajen hakimi. Jingine kekensa yake yi a ƙofar gida, ya zauna a zaure, yau da gobe, har mai gida ya ji kunya ya fito da yaron. 'Yan mata ma haka ya yi ta fama a kansu.

"Ni da tallan fura ya same ni," in ji wata tsohuwar ɗalibarsa da ke aikin ungozoma a Daura. "Ya saye furar duka, ya ce in bi shi aji."

Bulala kam yana da ita, ɗalibansa ba su ɓoye wannan ba. Amma shi ne mai rubuta wa garin wasiƙa, shi ke karanta takardar asibiti, bai taɓa karɓar ko goro ba. Ya yi ritaya a 2011 bayan shekara 35 yana aiki.

Ya bar mata biyu, 'ya'ya 11 da jikoki masu yawa. Ana karɓar gaisuwa a gidansa har ranar sadakar uku, kuma iyalan sun ce duk mai bin marigayin bashi ya ga babban ɗan nasa.

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makoma.