Kawu, dukiya daban, kuɗin hannu daban

Salamu alaikum Kawu, ya kasuwa ya gida, ya jikin Inna. Maganar da muka fara a waya netwok ya katse ce na ce bari in rubuto, in Sani ya dawo daga islamiyya ya karanta maka a nutse.

Ka ce ba ka ga abin damuwa ba don Alhajin da ya ba ka taki bashi yana son miliyan 2 ɗinsa ran Alhamis, tunda kana da buhu 80 na riɗi a sito, ga bijimai 3, ga filin Gumel, ga kuma kuɗinka wajen mutane. Gaskiya ne Kawu, in aka yi lissafi ka fi ƙarfin bashin nan nesa ba kusa ba, Allah ya ƙara rufa asiri. Amma Alhaji ba lissafi zai karɓa ba, alat yake so ya ji a wayarsa. To wannan shi ne abin da mu ma'aikatan banki muke kira likwiditi, wato saurin da kadara za ta iya zama tsabar kuɗi a hannunka ba tare da ka karya ta ba. Wannan sharaɗin na ba tare da ka karya ba, shi mutane suke mantawa, don ai komai yana saiduwa yau yau in ka yarda a yi maka tayin wulaƙanci.

Ɗauki filin. Ka ce an taya miliyan 4 bara, to ina mai tayin yake yanzu? Sai ka nemi dillali, shi ya nemo mai so, a zo a zagaya, a duba takarda, a kira mai unguwa da shaidu, mutumin ya ce zai ba da rabi sauran sai bayan kaka, kafin ka ankara wata 2 sun wuce. Kuma da zarar dillalai sun ji ƙishin ƙishin cewa Alhamis ake jiranka wlh miliyan 3 ma da ƙyar, ga la'ada a kai. Filin bai ragu da taku ɗaya ba, matsuwarka ce aka cire a kuɗin.

Bijiman sun fi shi sauƙi amma su ma sai ranar kasuwa, Maigatari kuma Alhamis take ci, ranar da ake jiranka kenan, in kasuwa ta cika da shanu masu saye ba su hau ba ko ka sallama a yadda aka taya ko ka biya mota ka dawo da su. Riɗin ne ya fi kusa da kuɗi don kullum akwai masu nemansa a Dawanau, duk da haka sai an yi lodi, a biya 'yan dako da mota, a auna, a jira taransifa. Bashin da kake bin mutane kuwa kada ma ka sa shi a lissafin satin nan, ka fi ni sanin waɗanda tun sallar layya suke cewa gobe.

Kamar hatsi ne a rumbu, naka ne ba mai ja, amma in baƙo ya sauka da magariba tuwon da aka riga aka tuƙa shi za a kawo masa.

Ka tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a akawun amma dubu 5 ta gagare shi, mai tsaba a aljihu shi yake sayen akuya a yadda ya ga dama. Kai ko bankunan da kansu, duk da gine ginensu da bashin da suke bi, Babban Banki ya wajabta wa manyan cikinsu riƙe aƙalla kashi 30 cikin 100 na ajiyar jama'a a tsaba ko abin da zai zama tsaba nan take, don ranar da masu ajiya za su yi layi ba bulo za a raba musu ba.

Ban ce ka sayar da komai ka tara takarda a ƙarƙashin katifa ba fa, tsadar kaya cinye ta take yi, riba kuma a kaya take. Abin da nake so kawai, duk sanda za ka zuba jari a sito ka fara duba wa zan biya nan da wata 1, nawa ne, ka ware wannan tukun har da ɗan abin ko-ta-kwana na asibiti da gyaran mota.

Na yanzu dai shawarata ka fitar da riɗi daidai kuɗin Alhaji gobe Talata tun da sauran kwana a gaba, ka bar fili da shanu a inda suke, kada kuma ka gaya wa dillali dalilin sayarwar. In an auna a turo min lissafin in duba. A gaida Inna da yara.