Babi na Biyar: Kammalawa — Kacala da Rabon Ruwa a Fadamar Haɗeja-Nguru

Abin da ya fito fili daga babi na uku da na huɗu shi ne, yadda ake sakin ruwa daga madatsun saman kogi ne ya shimfiɗa wa ciyawar kacala tabarma a wannan fadama. Kafin a kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja yakan cika ya tumbatsa da damina, ya ja baya da kaka, da bazara kuma wurare da yawa su bushe ƙaf. Wannan bushewar ce take hana ciyawar kama ƙasa. Yanzu ruwa yana gangarowa kusan duk shekara saboda noman rani da ruwan sha na birnin Kano, marar zurfi, marar ƙarfin gudu, ɗauke da laka da ragowar taki. Kacala kuwa irin ruwan da take so ke nan. Idan ta toshe hanya sai ruwa ya rage gudu, laka ta kwanta, ita kuma ta ƙara samun wurin zama. Saboda haka duk shirin da ya tsaya ga sare ciyawa kawai, komai yawan kuɗin da aka zuba masa, za a maimaita shi baɗi.

Wannan magana tana da nauyi a kan masu tsara manufofi, domin tana ɗauke tambayar daga hannun mai lauje ta kai ta teburin wanda yake buɗe ƙofar dam. Jadawalin sakin ruwa na Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are an gina shi ne a kan buƙatun filayen ban-ruwa na Kano da na kwarin Haɗeja, kuma waɗannan buƙatu na gaskiya ne, dubban iyalai suna ci daga gare su. Amma mutanen Guri da Kirikasamma da Nguru da ƙasar Bade su ma suna rayuwa a kan ruwan nan, kuma a hirarrakin da na yi da su ban gamu da wanda ya ce an taɓa sanar da shi ranar da za a saki ruwa ko ranar da za a tsayar ba. Sukan gane ne idan sun wayi gari sun ga ruwa ya hau kan shuka. Abu na farko da sakamakon binciken yake nuna a yi shi ne a sa fadama cikin lissafin jadawalin tun daga tushe: a ba ta ambaliya ta ƙwarai a lokacin da ta saba samu, sannan a bar ta ta sha iska na wasu makonni da rani. Tun a shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka nuna cewa amfanin da ake samu daga ruwan da ya malala a fadama, idan aka haɗa noma da kamun kifi da itacen girki, ya fi wanda ake samu daga daidai wannan ruwan a filayen ban-ruwa na sama. Abin da na gani a ƙauyuka bai saɓa wa wannan ba. Takaicin shi ne hujjar ta daɗe a rubuce, ruwan kuma bai sauya hali ba.

Ba na cewa a daina aikin gayya. A ƙauyukan bakin hanyar ruwa ta Marma na ga yadda ake yin sa: maza cikin ruwa har ƙirji, suna yanka da lauje a ƙasan ruwa, matasa suna jan abin da aka yanka zuwa gaɓa, tsutsar ruwa mai shan jini tana manne musu a ƙafa. Dattawa sun san abin da masana tsirrai suka tabbatar, wato idan aka yanke kacala a ƙarƙashin ruwa, kututturen ya kwana a nutse, saiwar takan rasa iska ta ruɓe, alhali wadda aka sare a sama ko aka ƙone sai ta tofo da ƙarfi. Wannan sani ne mai daraja, kuma ya kamata injinan da gwamnatoci suke sayowa su bi shi. Sai dai yankan ƙasan ruwa yana aiki ne kawai idan ruwan ya tsaya a kan kututturen tsawon lokacin da ake buƙata, wannan kuwa ba a hannun mai yankan yake ba. Nan ma magana ta koma ga jadawali. Da za a daidaita lokacin gayya da lokacin sakin ruwa, wahalar kwana ɗaya za ta yi aikin da a yanzu ake maimaitawa sau da yawa.

Akwai wani sakamako da ban tafi nemansa ba, shi ne rigimar da take biyo bayan nasara. Duk inda aka buɗe hanya ruwa ya janye, ƙasa takan fito, sai a fara tambayar ta wa ce. Mai gonar da kacala ta cinye shekara ashirin da suka wuce wataƙila ya rasu, 'ya'yansa sun tafi ci-rani. Waɗanda suka shiga ruwa suka yi yankan suna ganin gumin nasu ne. Makiyayi yana tuna cewa nan burtali ne zuwa mashaya. Masunci kuwa da ya kafa dumba a wurin ba ya murna da janyewar ruwan ko kaɗan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen karkara a wuyan ƙananan hukumomi, amma a aikace bulama da lawani da sarkin ruwa ne ake kai wa ƙara, kuma su ne suka san iyakokin da suka nutse. Duk shirin share kacala da bai zauna da su kafin a sa lauje ba, zai iya magance ciyawa ya haifar da gaba tsakanin maƙwabta. Ina ganin wannan ya kamata ya shiga sharuɗɗan kowane tallafi.

Ga Asusun Amintattu na kula da kogunan nan, wanda jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka amince da kafawa a taron Damaturu na 2006, ma'anar wannan duka a taƙaice take: aikinsa mafi amfani shi ne ya zama wurin da na ƙasa zai faɗi buƙatarsa kafin a yanke hukunci a sama. Shigar da tafkin Nguru da hanyar Marma cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya a 2000 ya jawo hankalin duniya ga tsuntsayen da suke zuwa daga Turai. Manomin da jan-baki suke fitowa daga cikin kacala su cinye masa shinkafa da gero shi ma yana da batun tsuntsu, kuma ya cancanci a saurare shi da irin wannan kunnen.

Iyakar wannan bincike ita ce ta buɗe ƙofar na gaba. Na dogara ga hira da lura da ido a ɓangaren Marma da Nguru, cikin zagayowar shekara guda, don haka zan iya faɗin abin da mutane suka gani da abin da suka yi, ba zan iya faɗin yawan ruwan da ya wuce ba. Binciken da aka fi buƙata yanzu shi ne na awo: a kafa ma'aunai a inda kogin ya rarrabu zuwa Marma da Burum Gana da tsohon kogin Haɗeja, a riƙa karantawa kullum na shekaru, a haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam da suke nuna faɗin kacala. Da wannan ne za a amsa tambayar da komai ya rataya a kanta, wato mako nawa na bushewa ake buƙata, a wane wata, kafin ciyawar ta ja baya ba tare da an kashe noman rani na sama ba. Wannan tambaya tana da amsa, kuma gwaji ne zai ba da ita. Ana iya zaɓar ƙaramar hanya ɗaya, da yardar mutanen wurin, a busar da ita da gangan shekara uku a jere, a kwatanta da maƙwabciyarta. Malaman makarantun ƙauyukan da ɗalibansu za su iya riƙe littafin awon idan an koya musu, kuma hakan zai sa bayanin ya zauna a inda aka tattara shi.

Sai batun mayar da kacala dukiya, wanda ake yawan ɗokinsa: gawayi, iskar gas ta girki, abincin dabbobi, tabarmi da jinka. Gwaje-gwajen sun cancanci a ci gaba da su, musamman a yankin da itacen girki yake ƙara tsada. Amma akwai tambayar da ban ga an yi ba. Idan kacala ta zama abin sayarwa, wa zai so ta ƙare? Mai binciken tattalin arziki ya kamata ya duba ko kasuwar za ta rage ciyawar ne ko za ta samar mata da masu tsaro, da kuma wanda ribar za ta shiga aljihunsa, mai yankan ko mai injin.

Muryar mata ta yi ƙaranci a babi na huɗu, domin yawancin zaman an yi shi ne a ƙofar gida da bakin ruwa. Su ne suke bandar kifi, su suke saƙar kaba, su suke jinyar yaron da ya kamu da tsargiya ko zazzaɓin cizon sauro. Mace mai bincike da za ta shiga cikin gida za ta ji wani lissafin asara dabam. Haka kuma dangantakar kacala da katantanwar da take ɗauke da ƙwayar tsargiya aiki ne na masana lafiya, kuma masu yankan gayya su ne farkon waɗanda ya kamata a duba, tunda su suke wuni cikin ruwan.

Daga ƙarshe, dole binciken gaba ya bi ruwan zuwa inda yake tafiya. Tunda kacala da laka sun karkatar da mafi yawan ruwan Haɗeja zuwa Marma da tafkin Nguru, kaɗan ne yake isa Gashuwa, kuma kogin Yobe ya koma dogaro da kogin Jama'are, wanda har yau ba shi da babban dam. Duk lokacin da aka tayar da maganar gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, ya kamata a sa abin da ya faru a ɓangaren Haɗeja a gaba, a tambaya ko za a maimaita shi. Wanda zai ɗauki wannan aiki ya fara daga Gashuwa, ya bi ta Geidam da Damasak, ya tsallaka zuwa Diffa a Jamhuriyar Nijar, inda manoman tattasai suke jiran ruwan wannan kogin kowace shekara. Ya tambaye su a wane wata ruwa yake iso musu yanzu, a wane wata yake isowa a zamanin iyayensu, sannan ya ajiye amsar kusa da littafin sakin ruwa na Tiga da Challawa na shekarun nan.