Jarin Al'ada da Bambancin Sakamako a Makaranta: Nazari a Mahangar Bourdieu

Idan yara biyu suka zauna a benci ɗaya, malami ɗaya ya koyar da su, amma ɗaya ya zo na uku ɗaya ya zo na arba'in, bayanin da ya fi saurin zuwa bakin mutane shi ne wannan yana da ƙwaƙwalwa, wancan kuwa daƙiƙi ne. Wannan maƙala tana jayayya da bayanin nan. Hujjarta ita ce, wani kaso mai yawa na abin da makaranta take kira hazaƙa gado ne da yaro ya taho da shi daga gida, kuma ba kowane gado makaranta take karɓa ba.

Pierre Bourdieu, masanin zamantakewa ɗan ƙasar Faransa wanda ya rayu daga 1930 zuwa 2002, shi ne ya yi fice da wannan ra'ayi. A ayyukan da suka wallafa tare da Jean-Claude Passeron a 1964 da 1970, sun nuna cewa 'ya'yan manya sun fi 'ya'yan leburori da manoma samun shiga jami'o'in Faransa nesa ba kusa ba, ko da yake karatun kusan kyauta ne. Kuɗi kaɗai bai isa ya bayyana wannan ba. Sai suka ce akwai wani jarin daban, wato jarin al'ada. Daga baya Bourdieu ya kasa shi gida uku: wanda ya zauna a jikin mutum, kamar lafazi da salon magana da sanin yadda ake tsayawa gaban babba, wanda ake iya taɓawa, kamar littattafai, da wanda hukuma ta buga wa hatimi, wato takardar shaida. Na farkon ya fi muhimmanci a nan, domin ba a sayensa rana ɗaya. Yana shiga yaro ne a hankali, shi ya sa idan ya bayyana sai a ɗauka baiwa ce.

Na ga haka da idona a lokacin gwajin koyarwa da na yi a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati, a aji biyu. Akwai wata yarinya, mahaifiyarta ma'aikaciyar jinya ce. Idan malamin Turanci ya karanta labarin auna fahimta, ita ce ta farkon ɗaga hannu. Ko ba ta san amsa ba za ta ce, "Malam, ban gane ba, a sake." A gida ana duba mata aikin gida, ana gyara mata Turanci, ta saba da babba ya tambaye ta ra'ayinta. A bayanta akwai wani yaro, ɗan mai facin taya. Ya haddace izu ashirin, yana karanta ajami, shi yake riƙe wa mahaifinsa lissafin bashi a ka. Amma duk lokacin da malami ya nuna shi, sai ya miƙe ya sunkuyar da kai, ya yi magana can ƙasa-ƙasa. A gidansu wannan shi ne ladabi. Yaron da ya zuba wa babba ido yana tambaya, mara kunya ne. A aji kuwa fassarar da aka yi wa shirunsa ita ce bai san komai ba. Ƙarshen zango, an rubuta wa yarinyar "mai hazaƙa", shi kuma "ya ƙara ƙoƙari".

Ba a ce yarinyar ba ta da ƙoƙari ba. Abin lura shi ne ita ta tarar da makaranta tana magana da yaren gidansu, shi kuwa sai da ya fara koyon dokokin wasan ana cikin yi masa maki. Kuma kuskure ne babba a ce yaron ba shi da jarin al'ada. Yana da shi, mai tsada ma. A zauren alaramma, ko a masallacin unguwa cikin azumi, shi za a tura gaba, yarinyar ce za ta koma baya. Bourdieu ya nanata cewa darajar jari tana rataye ne da fagen da aka kai shi. Kamar mutum ne ya shiga kantin da naira kaɗai ake karɓa da aljihu cike da sefa.

Tarihi ya nuna yadda aka yi kantin ya zama haka. Kafin Turawa, malamai da alƙalai da magatakarda a ƙasar Hausa da Larabci da ajami suke aiki. Da aka buɗe makarantar Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa a Nassarawa ta Kano a 1909, sannan Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, sai hanyar samun aikin hukuma ta koma ta boko, kuma da yawa daga ɗaliban farko 'ya'yan sarakuna ne da na manyan fada. Har yau ɗalibin da bai samu kiredit a Turanci a WAEC ko NECO ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da ya ci sauran darussa. A Nijar Faransanci ne yake wannan aiki na mai gadi. Manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu ba. Duk da haka iyaye masu hali suna rububin makarantun kuɗi inda ake cin tarar yaro idan ya yi Hausa. Ba wauta suke yi ba, sun san kuɗin da kantin yake karɓa.

Abin da ya fi ciwo shi ne yaron da kansa ya yarda da hukuncin. Da na tambaye shi abin da yake so ya yi bayan aji uku, cewa ya yi, "Malam, ni kaina ba ya ɗaukar boko." Wanda ya riƙe izu ashirin ne yake faɗin haka. Wannan ne Bourdieu yake nufi da cewa makaranta tana halatta bambanci: tana mayar da tazarar da ke tsakanin gidaje ta zama tazarar basira, har wanda aka bari a baya ya ɗora wa kansa laifi, ya janye tun kafin a kore shi.

Sai dai ra'ayin yana da iyaka, kuma a wurinmu iyakar a fili take. Bourdieu ya yi nazarin ƙasar da kowane yaro yake da aji da malami. A makarantar da yara sama da ɗari suke zaune a ƙasa, ko inda yarinya take fita talla kafin ta zo, ko yaro ya shigo bai karya ba, talauci ne yake magana kai tsaye, ba sai ya ɓuya a bayan al'ada ba. Haka kuma ra'ayin yana da wuyar bayyana waɗanda suka tsallake, alhali shi kansa Bourdieu ɗan ma'aikacin gidan waya ne daga wani ƙauye a kudu maso yammacin Faransa. Binciken Paul DiMaggio a Amurka a 1982 ya nuna ana iya samun wannan jari a wajen gida, kuma yana iya amfanar 'ya'yan marasa hali. Saboda haka na fi ganin jarin al'ada yana bayyana bambancin da ke tsakanin yaran da suka riga suka samu kujera a aji, fiye da yadda yake bayyana dalilin da ya hana wasu samun kujerar. Yarinyar da yaron da na ambata duk sun samu kujera, benci ɗaya kawai ke tsakaninsu.