Maki Biyu

Ranar Laraba bayan azahar malamin tarihi ya shigo da takardun tes a hammata, ya zube su kan tebur ya ce kowa ya zo ya ɗauki tasa. Zafin Sakkwato na watan Afrilu ne, fankar ajin ta daɗe da mutuwa, kowa sai fifita yake da littafi. Balkisu ko gumin ba ta ji, ita dai ta san ta ci tes ɗin nan tun ranar da aka rubuta shi, don sai da ta karɓi ƙarin takarda har sau biyu, har Luba na harararta tana cewa ke wai littafi za ki wallafa.

Tambaya ta ɗaya 12 cikin 15. To madalla. Ta buɗe ta biyu, wadda ta fi ji da ita, shafi uku cur da rubutu ƙanana, sai ta ga jan biro ya taso tun daga saman shafin farko ya sauko a karkace har ƙasa, haka na biyu, haka na uku, a ƙarshe an yi wata ƙatuwar alamar tambaya an rubuta 2.

"Ke mi kinka samu?" inji Luba tana leƙowa.

Balkisu ta kife takardar. "Wallahi zalunci ne. Malamin ga bai karanta ba, layi kawai ya ja."

Luba da ta rubuta rabin shafi ta samu 9, abin da ya ƙara ƙona mata rai ke nan. Kafin ta yunƙura malam ya fice, wai yana da mitin, mai ƙorafi ya same shi ofis gobe da safe. Ta ko rantse gaban ƴan aji sai ta je, har da cewa in bai gyara ba wajen shugaban sashe za ta kai.

A cikin keke napep har Gidan Igwai ba ta ce da kowa uffan ba, lissafin abin da ta rubuta kawai take. Me ta bari? Ta kawo yadda Sarkin Gobir Nafata ya hana wa'azi in ba Shehu ba, ya hana rawani da lulluɓi, ta kawo zamanin Yunfa da harin Gimbana, ta kawo tashin Shehu Usmanu da jama'arsa daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804, mubaya'ar da aka yi masa can, har yaƙin Tabkin Kwatto ta saka da faɗuwar Alƙalawa a 1808 don ƙari. Kwana huɗu ta yi tana haddar wannan, don duk ajin an gama yarda hijira sai ta fito, malam ya cika nanata ta.

Da dare nefa suka yi halinsu, kowa ya fito tsakar gida da tabarma. Inna ta zuba mata tuwo ta ce ba ta ci. Ta kunna tocilar waya ta shimfiɗa takardar tana bi layi layi da yatsa, so take ta haɗa hujja ta yadda gobe malam ba zai samu bakin magana ba. Shekarun daidai, sunayen daidai, ta duba da littafinta sau biyu. A saman shafin ma ga tambayar nan ta kwafe da hannunta: Kawo dalilan hijirar Sarkin Musulmi ta 1804 da abin da ya biyo bayanta.

Sai ta ce bari ta haɗa da takardar tambayoyin ta tafi da su tare. Nan fa aka shiga nema, jaka, ƙarƙashin katifa, cikin littattafai, babu. Ashe ƙanenta Bello ne ya yage ta daga cikin littafi ya ƙunso ƙosai da ita tun shekaranjiya, Allah ya sa bai jefar ba, tana bayan randa duk ta yi shar da mai. Ta kai masa rankwashi ɗaya ta warware ta a gwiwa ta haska.

Kawo dalilan hijirar Sarkin Musulmi ta 1903 da abin da ya biyo bayanta.

Ta goge wajen da gefen hijabi ko mai ne ya ɓata lambar. Ba mai ba ne. 1903 ne ɓaro ɓaro, kuma abin da ya fi ba ta haushi ga layin da ita da kanta ta ja da shuɗin biro a ƙarƙashin kalmar hijirar, layin ya tsaya daidai kan Musulmi, bai ƙarasa ga shekarar ba. Tana ganin hijira zuciyarta ta yi tsalle ta tafi Degel, hannu ya bi ta, shekara 99 tsakanin abin da aka tambaya da abin da ta amsa.

"Innalillahi," ta faɗa a hankali, amma Baba Tsoho da ke kishingiɗe yana jan carbi ya ji.

"Amarya lahiya? Ko wani na ya riga ni?"

Ba ta da niyyar dariya amma sai da ta yi. Ta gaya masa. Tsohon ya tashi zaune ya ce to ai wagga hijirar Attahiru ce, ke da kike wucewa ta Giginya kullum. Ya ce Turawa sun ci Kano, sunka taso ma Sakkwato, anka gwabza nan bayan gari wajen giginyar nan, bindiga mai ruwa ta yi ɓarna, Sarkin Musulmi Attahiru ya ga zama ƙarƙashin Nasara bai yiwuwa ya ɗau tuta ya yi gabas da niyyar Makka, mutane suna barin gonakinsu suna bin shi gari gari. Waziri Buhari shi ya dawo ya zauna da sauran jama'a, Turawa sunka naɗa wani Attahirun. Shi kuwa na farkon a Burmi sunka cim mai ya yi shahada, ɗansa Mai Wurno ya wuce da waɗanda sunka rage har Sudan, zuri'arsu na can har yau.

Balkisu ta yi tsuru. Duk ta san wannan, yana cikin littafinta, 15 ga Maris 1903 faɗuwar Sakkwato, Burmi a watan Yuli, har ta taɓa zana taswirar hanyar a bayan bango. Da ta karanta lamba huɗun nan da ko ba ta ci duka ba ta samu goma.

Saƙon Luba ya shigo: gobe ƙarfe nawa za mu ofis ɗin, in raka ki. Ta karanta ta kife wayar.

Da safe dai ta je, ita kaɗai, tun kafin Luba ta iso. Ta yi sallama ta ɗan rusuna, malam na shan shayi ya ɗago ya ce Balkisu ko, an ce kin yi rantsuwa jiya.

"Malam na gani. Ni ce ban karanta shekarar ba."

Ya karɓi takardar ya juya shafukan yana gyaɗa kai, ya ce amsa ce mai kyau ƙwarai, da ita aka tambaya da 14 zai ba ta, ku bakwai ne kuka tafi Gudu amma ke kika fi kowa nisa. Ta tsaya tana murza bakin hijabi, can ta ce to malam maki biyun na mene ne.

"Na wahalar biro," ya ce, ya miƙo mata takardar ya ja kofin shayinsa.