Toshe Danga: takardar wasan kati na koyon rabi, sulusi da rubu'i

Wannan ita ce takardar da na yi wa malaman aji uku da aji huɗu alkawari a taronmu na ƙarshen zango. Wasan ya kai zubi na uku yanzu, kuma na gwada shi da yaran ajina, su 56, har tsawon mako biyar. Duk wanda zai yi nasa, ya bi awon yadda na rubuta, domin a kan awon wasan ya tsaya.

Labarin da ake ba yara gajere ne. Muna da lambu, dangarsa ta ɓalle a wuri huɗu, ga akuya can ta hango ganye ta nufo mu. Ko dai mu toshe ɓarakar nan huɗu kafin ta iso, ko ta shiga ta cinye mana alayyafo. Babu yaron da ke cinye wani. Ko duka a yi nasara, ko duka a sha kashi a hannun akuya.

Kayan da za a tanada

A samo kwalin katon mai ɗan kauri, almakashi, rula da alƙalami mai kaurin baki. A yanko dogayen ɓallaye takwas, kowanne tsawon santimita 24, faɗin santimita 3. Biyu a raba su gida biyu-biyu, a sami rabi huɗu masu santimita 12. Biyu a raba gida uku-uku, a sami sulusi shida masu santimita 8. Biyu gida huɗu-huɗu, rubu'i takwas ke nan masu santimita 6. Ɗaya a raba shi gida shida, sudusi shida masu santimita 4, na ƙarshe kuma gida takwas, sumuni takwas masu santimita 3. Waɗannan yankuna 32 su muke kira kara, da su ake toshe danga. Kada a rubuta santimita a jikinsu, sunan kason kawai.

Kowane kara yana da katinsa, don haka katin kaso ma 32 ne. Amma su katunan girmansu ɗaya ne, santimita 6 da 9. A kan kowanne a rubuta alƙaluman, misali 1/4, sannan sunan a ƙasa: rubu'i, ɗaya bisa huɗu. A ƙara katin akuya shida da katin lauje biyu, jimla 40. Zanen akuyar a bar wa yara, sun fi mu iyawa.

Allon wasa farar takarda ce irin ta buga takardu. A kwantar da ita a zana ɓaraka huɗu, kowacce santimita 24 da 3. A wata takardar a zana hanyar akuya mai taki shida, na shidan shi ne cikin lambu. Murfin kwalba ya isa ya zama akuya. Sai tsakuwa biyu, za a ji amfaninsu a gaba.

Dalilin zaɓen 24 shi ne, ita ce lamba mafi ƙanƙanta da 2, 3, 4, 6 da 8 duk suke raba ta ba saura. Ba ni na gano wannan ba. Malaman rabon gado sun daɗe suna aiki da asalin 24 idan sumuni ya haɗu da sudusi a mas'ala ɗaya, kuma kason da aka ƙayyade a Suratun Nisa'i su ne rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Wato sunayen nan ba baƙi ba ne a gidajenmu, yaro ya taɓa jin su a bakin manya ko da bai san girmansu ba. Na bar humusi da ushiri a waje da gangan, domin 5 da 10 ba sa raba 24.

Yadda ake shiryawa da bugawa

Mutum uku ko huɗu ne ke zama. A ajina nakan sa yara biyu a kowane gurbi, ƙungiya ta zama yara takwas, saiti bakwai su wadaci aji. A ware katunan akuya tukuna, a cakuɗa sauran, a ba kowane gurbi kati uku a buɗe a gabansa, kowa na ganin na kowa. Daga nan a mayar da akuyoyin cikin tarin, a sake cakuɗawa, a kife shi a tsakiya. Kara kuma a tara su gefe ɗaya, nesa da hannun masu wasa kaɗan.

Idan layi ya zo kan yaro, abu ɗaya zai yi daga cikin huɗu.

Na farko, ya toshe. Zai ɗaga katinsa, ya nuna ɓarakar da yake so, sannan ya faɗa da baki kafin ya taɓa kara: "zai cika" ko "zai rage". Bayan ya faɗa ne zai ɗauko karan ya jera shi daga hagu, manne da na baya. In maganarsa ta yi daidai, shi ke nan. In ta kuskure, akuya ta yi taki ɗaya. Karan da ya wuce bakin ɓaraka a cire shi, katin ya koma hannun mai shi.

Na biyu, ya yi musaya da wani, amma sai abin da aka bayar da abin da aka karɓa sun zo daidai, kamar rabi ɗaya a bakin rubu'i biyu, ko rabi a bakin sulusi da sudusi. Za a jera karan biyun gefe da gefe kowa ya shaida. Rubu'i a bakin rubu'i ba musaya ba ce. Musayar da ta tabbata tana mayar da akuya baya taki ɗaya, a ɗauke tsakuwa ɗaya. In tsakuwa biyun sun ƙare ana iya ci gaba da musaya, sai dai akuya ba ta ƙara ja da baya.

Na uku, ya yi amfani da lauje, ya cire karan ƙarshe da aka sa a wata ɓaraka. Na huɗu, in ba abin da ya dace, ya yar da kati ɗaya.

A ƙarshen layinsa zai ja daga tari har katinsa su koma uku. In ya jawo akuya, ta yi taki ɗaya, a ajiye katin gefe, ya sake ja. In tari ya ƙare a ci gaba da abin da ke hannu. An yi nasara idan ɓaraka huɗun sun cika cif. An faɗi idan akuya ta taka na shida, ko kuma kati ya ƙare da sauran ɓaraka a buɗe. Zagaye ɗaya yakan ci minti 12 zuwa 15.

Akwai doka ɗaya da ba ta shafi lissafi ba, amma in aka sake ta wasan ya lalace: ba mai taɓa katin wani, kuma ba mai ba da shawara sai mai layi ya ce "ku taimake ni". A gwajin farko ban sa ta ba. Wani yaro mai kaifin kai ya zama sarkin tabarma, shi ke cewa ke sa wannan, kai yar da wancan, sauran bakwai suna miƙa hannu kamar 'yan aike. Sun ci akuya sau uku a jere, ba wanda ya ƙaru da komai sai shi.

Abin da ya sa aka gina shi haka

Zubin farko da'ira na yi, wai gurasa ce ake rabawa. Yanka da'ira gida uku daidai da almakashi aiki ne, kuma da sulusin wani ya ɗan fi na wani sai gardama ta tashi. Tsawo ya fi sauƙin awo, kuma yaro yana ganin saura da idonsa.

A zubi na biyu karan da kansu ne katin, suna hannun yara. Nan ma na yi asara, domin ba mai tunani: sai yaro ya ɗora wannan, in bai shiga ba ya ɗora wancan, kamar mai gwada takalmi a kasuwa. Shi ya sa na raba kati da kara, na kuma sa sai an yi magana kafin a taɓa. Wannan ɗan tsaikon, tsakanin ɗaga kati da ɗauko kara, a nan darasin yake. Malami ya tsare shi ko da zai yi sassauci a komai.

Ga abin da na gani a mako na biyu. Wata ɓaraka tana da rabi da rubu'i, saura gurbin rubu'i. Wata yarinya tana riƙe da sumuni, ta ƙi sawa, ta ce zai wuce, ai takwas ta fi huɗu. Abokiyar gurbinta ta ce mata, rake ɗaya in mutum takwas suka raba da in mutum huɗu suka raba, a wane rabon za ki so ki kasance? Ta yi shiru tana kallon katin, can ta ce a hankali, "zai rage." Ta ɗora, ya rage gurbin wani sumunin daidai, na gaba da ita ya cike. Na sha yin wannan bayanin a allo da alli ban ga ya zauna haka ba.

Ga wani abu da malami ya kamata ya sani, yara kuma a bar su su gano da kansu. Da yake ƙaramin kara santimita 3 ne, na biye da shi 4, duk saurar da ta kai 1, 2 ko 5 ba ta toshuwa. Rabi da rubu'i da sudusi sun ba da 22, saura 2, ɓaraka ta mutu ke nan sai da lauje. Rabi da sudusi da sumuni 19 ne, saura 5, ita ma haka. Yaron da ya sa sudusi ya ce "zai rage" bai yi kuskuren magana ba, akuya ba za ta motsa ba, amma ya jawo wa ƙungiya aiki. Bayan sun ƙone sau biyu ko uku za ka ji suna cewa kada a haɗa 'yan gidan sulusi da 'yan gidan rubu'i sai an duba. Ni ban koya musu wannan kalmar ta 'yan gida ba.

Ga masu farawa, a cire sulusi, sudusi da lauje, a bar rabi, rubu'i da sumuni, a rufe ɓaraka ɗaya, a rage katin akuya zuwa huɗu. A wannan matakin ɓaraka ba ta mutuwa, kuma yara za su iya yin karansu da ninke takarda sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Waɗanda suka ƙware kuma a ƙara musu sharaɗi: bayan "zai rage" su faɗi abin da ya rage da sunansa, in yana da suna a cikin katunan.

Sai maganar iyaye. Wani uba ya zo har aji yana tambaya ko karta muke koya wa yara. Na ba shi kujera ya kalli zagaye ɗaya, ya ga ba kuɗi, ba ci, ba wanda ake cinyewa, ya tafi da saiti ɗaya don 'yan gidansa. Tun daga ranar nake kiran su katin darasi, kuma ba na barin yara su fita da su waje sai da sanin iyaye.

Abin da ban gama daidaitawa ba shi ne yawan akuya. Da mutum huɗu shida ta yi daidai, amma da mutum uku tarin ya fi yawa, ana jan kati da yawa, sai take yawan isowa da wuri. Wanda zai buga da uku ya fara da biyar, ya riƙa rubuta sau nawa aka ci, sau nawa aka faɗi, mu haɗa lissafin a taro na gaba.